Kafin ka buga kill -9: laccar da aka gabatar wa ɗaliban kwamfuta a Maradi

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To madalla. Wanda ya zo da na'urarsa ya kunna ta, don abin na yau sai an taɓa da hannu.

Abu huɗu na shirya. Na farko, mene ne sigina. Kowane shiri da ke gudana a Linux ana kiransa furoses, kuma kowanne yana da lambarsa, PID. Sigina ɗan gajeren saƙo ne da ake aika wa furoses ta hannun kanel, wato zuciyar Linux, kuma babu abin da ke cikin saƙon sai lamba. In ka danna Ctrl+C, sigina 2 ka aika, SIGINT. In ka buga `kill 4312` ba ka ƙara komai ba, sigina 15 ce ta tafi, SIGTERM. In ka buga `kill -9 4312`, SIGKILL ke nan. Sauran ku buga `kill -l` a gida ku gani, ba zan tsaya kansu ba.

Na biyu, bambancin 15 da 9. Ku ɗauki mai shago a babbar kasuwa. An aiko masa yaro cewa a rufe. Ya ji. Zai sallami wanda ke gabansa, ya ƙirga ciniki, ya shigar da kaya, ya sa kwaɗo. Yana iya cewa yaron ya jira, yana ma iya yin kunnen ƙashi. Wannan ita ce 15. Ita kuwa 9 ba a aiko masa kowa ba, zuwa aka yi aka ɗauke shi cak, shago a buɗe, kuɗi a kan tebur. SIGKILL ba ta isa hannun furoses ko kaɗan. Kanel ne ke karɓarta ya zartar. Shi ya sa sigina biyu, SIGKILL da SIGSTOP, babu shirin da zai iya kama su, ko ya toshe su, ko ya yi watsi da su. Kanel zai karɓe ƙwaƙwalwar da furoses ɗin ke riƙe da ita, ya rufe fayilolinsa, amma abin da shirin ya tara bai kai ga rubutawa ba ya tafi, fayil ɗin kulle da ya ajiye yana nan, ƴaƴan da ya haifa kuma suna ci gaba da gudu ba mai kula da su.

To ga inda nake son mu zauna, don nan ne daɗin yake. Mutum ya aika 15, furoses bai mutu ba, sai hannu ya tafi ga 9. Ni kuma na ce ka tsaya, ai Linux zai gaya maka dalili in ka tambaye shi. Ku rubuta wannan, ku sa masa suna `taurin.sh`:

```
#!/bin/bash
trap '' TERM
while true; do sleep 1; done
```

Ku tayar da shi da `bash taurin.sh &`. Nawa ya ba ni 4312, naku zai bambanta. Kar wani ya kwafi lambata ya kashe abin da ba shi ya nufa ba! Yanzu `kill 4312`. Shiru. Ba kuskure a allo, ba komai, kuma yana nan da ransa. Sai mu leƙa:

```
grep -E 'State|Sig|Shd' /proc/4312/status
```

Layukan da za ku kula da su: `SigIgn`, waɗanda ya yi watsi da su. `SigCgt`, waɗanda ya kama, ma'ana ya tanadi abin da zai yi in sun zo. `SigBlk`, waɗanda ya toshe na ɗan lokaci. Sai `ShdPnd`, waɗanda aka aiko suna bakin ƙofa suna jira. A nawa `SigIgn` ya nuna `0000000000004004`.

Kar sifirin nan ya tsorata ku. Hajiya, na ga kin ɗaure fuska, wallahi da sauƙi. Daga dama ake karantawa, kuma kowane gurbi yana ɗauke da sigina huɗu. Gurbin farko, sigina 1 zuwa 4. Na biyu, 5 zuwa 8. Na uku, 9 zuwa 12. Na huɗu, 13 zuwa 16. A cikin kowane gurbi, ta farko darajarta 1, ta biyu 2, ta uku 4, ta huɗu 8, in sun haɗu a tara su. To gurbi na huɗu ya nuna 4. Wace ce ta uku a jerin 13, 14, 15, 16? Ku faɗa da ƙarfi. 15. SIGTERM ke nan, an yi watsi da ita, kuma layinmu na `trap` ne ya jawo. Shi kuma 4 na gurbin farko sigina 3 ce, SIGQUIT, wadda bash ke watsi da ita da kansa. Kun gani? Ba duba muka yi ba, karantawa muka yi. Ina son wannan ƙwarai, domin daga ranar da mutum ya iya karanta layin nan ya daina yin faɗa da na'ura a cikin duhu. Ku maimaita: daga dama, huɗu-huɗu.

Wanda ya yi watsi da 15 da gangan haka, 9 za ta ɗauke shi nan take. Ku gwada. Shi ma bash ɗin da kuke bugawa a ciki yana watsi da SIGTERM, don kar `kill` da aka buga bisa kuskure ya rufe maka wurin aikinka. Ba kowane watsi ne lalacewa ba.

Amma akwai wanda ya fi wannan yaudara. Ku canza fayil ɗin haka:

```
#!/bin/bash
trap 'rm -f /tmp/aiki.lock; exit' TERM
touch /tmp/aiki.lock
sleep 300
```

Wannan mutumin kirki ne, ya yi niyyar goge fayil ɗin kullensa kafin ya tafi. Ku aika masa 15. Bai mutu ba! Ku duba `SigIgn`, 15 ba ta nan. Tana cikin `SigCgt`. Ya kama ta. Abin da ya faru shi ne bash ba ya aiwatar da `trap` sai umurnin da yake jira ya ƙare, kuma `sleep 300` minti biyar ne. Ya ji saƙo, jira yake. In ka yi gajen haƙuri ka sa 9, `/tmp/aiki.lock` zai zauna, kuma shirin da ke duba wannan fayil kafin ya tashi gobe zai ce maka wani na aiki, alhali ba kowa. Gyaransa a rubuta `sleep 300 & wait $!`, don `wait` na katsewa da zarar sigina ta iso.

Manyan shirye-shirye ma haka suke. PostgreSQL, shirin ma'ajiyar bayanai, in ka aika wa babban furoses ɗinsa SIGTERM, zai daina karɓar sababbin masu shigowa, ya tsaya jiran waɗanda ke ciki su fita da kansu. In mutum ɗaya ya bar haɗinsa a buɗe ya tafi cin abinci, zai yi ta jira. In sauri kake, SIGINT ce tasa: ya kori kowa, ya rufe da tsafta. In kuwa ka sa 9 a kan ɗaya daga cikin ƴaƴansa, uban zai ɗauka ƙwaƙwalwar da suke tarayya a kai ta gurɓata, ya yanke haɗin kowa da kowa, ya sake tashi yana gyara daga littafin da yake rubuta canje-canje. Mutum ɗaya ka nufa, ofis gaba ɗaya ya tsaya.

Na nawa muke? Na uku ne ko na huɗu, mu dai je. Lokaci ya ja. Wanda ko 9 ba ta ɗauke shi ba. Na ce ba mai iya watsi da 9, kuma gaskiya ne, to me ya sa wani lokaci ka buga ta sau goma yana nan? Ku buga `ps -o pid,ppid,stat,cmd -p` da lambar, ku dubi harafin da ke ƙarƙashin `STAT`.

In `D` ne, furoses ɗin yana barci a cikin kanel, yana jiran na'ura ta ba shi amsa: diski mai ciwo, ko kile ɗin da aka zare ana tsakiyar kwafi, ko ma'ajiyar NFS da layinta ya yanke. Ba ƙi ya yi ba. Siginar tana nan, za ku ga `ShdPnd` ya nuna `0000000000000100`, gurbi na uku, ta farko, 9 ke nan. Sai ya farka za a zartar. Tun Linux 2.6.25 a 2008 an samar da wani irin barci da 9 ke iya katsewa, amma ba ko'ina aka sa shi ba. Maganin `D` yana wajen na'urar: ka duba `dmesg`, ka maido da layin, in ya ƙi a sake kunna kwamfutar.

In `Z` ne, ya riga ya mutu. Abin da ya rage suna ne a rajista, yana jiran ubansa ya karɓi sakamakon mutuwarsa. Ba a kashe matacce. Lambar uban tana ƙarƙashin `PPID`, shi za ka gyara ko ka rufe, furoses na 1 ya gaji maraya ya share shi. In kuma allo ya ce `Operation not permitted`, siginar ba ta ma tashi ba, furoses ɗin ba naka ba ne.

Na'am, ɗan'uwa mai farar hula.

Tambaya: Malam, ni in na buga `docker stop`, kullum sai ya yi daƙiƙa goma kafin ya tsaya, kuma lambar fita 137. Mene ne?

Allah ya yi maka albarka, wannan ai ita ce laccar gaba ɗaya. `docker stop` yana aika 15, ya jira daƙiƙa 10, sannan ya aika 9. Shi ma systemd, mai tayar da shirye-shirye da tsayar da su a Linux, haka yake yi, sai dai nasa jiran daƙiƙa 90 ne in ba a canza ba. Lambar 137 kuwa 128 ce a tara da 9. Ma'ana kullum da ƙarfi ake kashe shirinka. Da 15 ce ta ɗauke shi, 143 za ka gani, ko 0 in ya rufe da kansa lafiya.

Dalili: a cikin kwantena, wato keɓaɓɓen wurin da docker ke gudanar da shiri, shirinka shi ne furoses na 1, kuma kanel yana ba na 1 kariya ta musamman. Siginar da bai tanadar wa komai ba, ba ta kashe shi, zubar da ita ake yi. Shirin da a waje 15 za ta kwantar da shi nan take, a matsayin na 1 ko gezau. Ita 9 tana cin sa ne don daga wajen kwantenar ta fito. Yaya ka rubuta layin `CMD`? Ba baka mai kusurwa? To akwai yiwuwar `/bin/sh -c` ne ya zama na 1, shirinka ɗansa ne, kuma sh ba ya miƙa masa siginar. Ka rubuta shi haka:

```
CMD ["python3", "app.py"]
```

Sannan ko dai shirin ya kama SIGTERM ya rufe da kansa, ko ka tayar da kwantenar da `docker run --init`, a sa ɗan ƙaramin furoses a matsayi na 1 wanda aikinsa miƙa sigina da share matattu. Ka shiga kwantenar ka buga `grep SigCgt /proc/1/status`, ka dubi gurbi na huɗu daga dama. In 4 ba ta cikin lissafinsa, ka samu amsarka. Kawo na'urar nan gaba mu duba tare, saura ku matso ku gani.