Rufi da daɓe: yadda ake gane rukunin da gajeren bayani ke nufi

Assalamu alaikum. Bari in fara da rubuta layi ɗaya a allo, shi ne aikinmu na yau:

G = ⟨ a, b | aba = b, bab = a ⟩

Haruffa biyu ne, sharuɗɗa biyu. Tambayar ita ce, wane rukuni ne wannan? Mambobinsa nawa? Suna ma da iyaka kuwa? Ku lura babu inda aka ce a⁴ = 1, babu inda aka ce wani harafi zai dawo gida bayan an ninka shi sau kaza. Duk da haka, kafin mu tashi za ku ga cewa mambobinsa takwas ne cif, kuma rukuni ne da yawancinku kun san shi.

Amma sai mun fara fahimtar abin da ke hagun sandar nan, wato haruffan kawai, kafin a ɗora musu wani sharaɗi. Ka ɗauki a da b, ka ba kowanne akasinsa, a⁻¹ da b⁻¹. Ka riƙa jera su kana yin kalmomi: ab, ba⁻¹, aab⁻¹a, da sauransu. Ninkawa ita ce ka manna wata kalma a bayan wata. Doka ɗaya tak ake bi: idan harafi ya zauna kusa da akasinsa, su biyun sun tafi. Saboda haka abb⁻¹a ta zama aa. Kalmar da ba ta da ko harafi ɗaya ita ce 1. Wannan shi ne 'yantaccen rukuni a kan haruffa biyu. An kira shi 'yantacce ne domin babu wata dangantaka tsakanin a da b sai wadda dokokin rukuni suka tilasta. A cikinsa ab daban, ba daban. Kuma yana yaɗuwa da sauri: kalmomi masu harafi ɗaya 4 ne, masu biyu 12, masu uku 36, domin a kowane mataki kana da zaɓi uku, tunda harafi na huɗun zai share wanda ka rubuta yanzu.

To mene ne aikin sharuɗɗan? Su ne izinin canja wani yanki na kalma da wani. A namu, duk inda ka ga aba a tsakiyar kalma kana iya cire ta ka sa b, ko ka ga b ka mayar da ita aba. Kalmomi biyu mamba ɗaya ne a G idan, kuma sai idan, ana iya tashi daga ɗaya a isa ɗayar ta irin waɗannan canje-canje. Wannan "sai idan" ɗin ita ce ma'anar bayanin gaba ɗaya. G ba kowane rukuni ba ne da sharuɗɗan suka yi daidai a cikinsa. Shi ne mafi girmansu, wanda babu abin da ya haɗe a cikinsa sai abin da sharuɗɗan suka haɗe dole.

Daga nan ne ake samun makamin da Walther von Dyck ya kafa a 1882. Idan ka sami wani rukuni H da mambobi biyu suka haifar da shi duka, kuma waɗannan biyun sun cika sharuɗɗan, to akwai taswira daga G zuwa H mai kiyaye ninkawa, wadda ta rufe H kaf. Ma'ana G bai kasa H girma ba.

Saboda haka aikin gane rukuni hujja biyu yake so, kuma hanyoyinsu daban ne. Ta farko rufi ce: ka juya sharuɗɗan har ka nuna mambobi ba su wuce kaza ba. Ta biyu daɓe ce: ka kawo rukuni na gaske mai wannan girman wanda ya cika sharuɗɗan. In rufi da daɓe suka haɗu, an gama.

Mu fara da rufin. Daga aba = b, ka ninka da a⁻¹ ta dama, ka sami ab = ba⁻¹. Yanzu ka dubi sharaɗi na biyu, bab = a. Akwai ab a cikinsa, sai ka cire ta ka sa ba⁻¹. Ya zama bba⁻¹ = a, wato b² = a². Kun ga abin da ba a rubuta a bayanin ba ya fito.

Mataki na gaba shi ne mai daɗin, ku bi ni a hankali. Daga ab = ba⁻¹ mun san cewa duk lokacin da b ta tsallake a zuwa hagu, a tana juyewa ta zama akasinta. In ta tsallake guda biyu, a²b = ba⁻². Amma a² ai b² ce, kuma b² ba ta damu da ko b tana gabanta ko bayanta ba. Ke nan a²b = ba². Hannu ɗaya ya ce ba⁻², ɗayan ya ce ba². Ka share b, ka sami a⁻² = a², wato a⁴ = 1. Tunda b² = a², ita ma b⁴ = 1.

Saura ƙidaya. Sharaɗi na farko ya kuma ba mu ba = a⁻¹b, idan aka ninka da a⁻¹ ta hagu. Da wannan za ka iya tura kowace b zuwa ƙarshen kalma, har kalmar ta zama jerin a sannan jerin b. Jerin a ba zai wuce 1, a, a², a³ ba. Jerin b kuwa ko dai babu ko guda ɗaya, domin duk b biyu suna komawa a². Huɗu sau biyu, takwas:

1, a, a², a³, b, ab, a²b, a³b

A nan ne ɗalibai da yawa suke ajiye alƙalami su ce mambobi takwas ne. A'a. Abin da muka nuna shi ne ba su wuce takwas ba. Wa ya ce a² ba 1 ba ce? Wa ya ce babu wata dabara mai tsawo da za ta nuna a ita ce b? Cewa mun gwada ba mu samu ba, ba hujja ba ce.

Na ga hannu a baya. Bismillah.

"Malam, in dai sharuɗɗan ba su ce a = 1 ba, ta yaya za ta zama 1?"

Madalla, ka taimake ni. Dubi wannan:

⟨ a, b | aba⁻¹ = b², bab⁻¹ = a² ⟩

A ido ya fi namu kama da babban rukuni. Ka ninka na farko da b⁻¹ ta dama, ka sami aba⁻¹b⁻¹ = b. Ka ninka na biyu da a⁻¹ ta dama, ka sami bab⁻¹a⁻¹ = a. Yanzu duba kalmomin hagun nan biyu da kyau, kowacce akasin ɗayar ce. Ke nan a = b⁻¹. To harafi da akasinsa ba su damu da wanda ya riga wani ba, don haka aba⁻¹b⁻¹ = 1, wato b = 1, kuma a = 1. Rukunin duka ya rushe, mamba ɗaya ya rage. Wanda ya tsaya a rabin hanya zai iya jera kalmomi da yawa yana zaton mambobi ne daban-daban. Abin mamaki kuma, idan ka yi irin wannan zagayen da haruffa uku, nan ma rushewa yake yi, amma da haruffa huɗu sai ya zama rukuni marar iyaka. Graham Higman ne ya nuna na huɗun a 1951.

Mu koma kan namu, mu nemo daɓe. Muna neman rukuni mai mambobi takwas, da a mai dawowa 1 bayan ninki huɗu. Wanda zai fara zuwa a rai shi ne rukunin juye-juyen murabba'i, D₄, inda a take juya murabba'in kwata, b kuma take kifa shi. Mu gwada. Juyi, kifi, juyi: sakamakon kifin ne kawai, don haka aba = b ta yi. Amma kifi, juyi, kifi yana ba da juyi ta ɗaya ɓangaren, wato bab = a⁻¹, alhali a muke so. Bai shiga ba. Da ma b² = a² ta isa ta gargaɗe mu: kifi sau biyu 1 ne, juyin kwata sau biyu kuwa rabin zagaye ne.

Ɗan takara na biyu shi ne Q₈, rukunin ±1, ±i, ±j, ±k daga lambobin da William Rowan Hamilton ya gano a 1843, inda ij = k, jk = i, ki = j. Mu sa a = i, b = j. Sharaɗi na farko: iji daidai yake da ki, wato j. Ya yi. Na biyu: jij daidai yake da jk, wato i. Shi ma ya yi. Kuma i da j sun haifar da duka takwas ɗin, tunda i² = −1 kuma ij = k. Von Dyck ya ba mu taswira daga G da ta rufe Q₈, don haka G bai kasa takwas ba. Rufi takwas, daɓe takwas. Taswirar da ta tashi daga abin da bai wuce takwas ba ta rufe abu takwas, dole ɗaya-da-ɗaya ce. G shi ne Q₈.

Akwai gwaji mai sauƙi da nake so ku saba yi tun farko: ku ƙara sharaɗin ab = ba ku ga abin da ya rage. A namu, aba = b ta koma a² = 1, bab = a ta koma b² = 1, mambobi huɗu. Wannan kaɗai ya nuna G bai rushe ba, kuma yana da aƙalla huɗu. Amma kada ku ɗora masa abin da ba zai ɗauka ba: D₄ ma huɗun nan yake bayarwa. Abin da ke raba su shi ne yawan mambobin da ninkinsu biyu ke ba da 1, ban da 1 ɗin kanta. A D₄ biyar ne, a Q₈ ɗaya ne tak, wato −1, wadda ita ce a² tamu.

Wata ta tambaye ni ko ba za a ba kwamfuta wannan aikin a huta ba. Ana ba ta, ƙanwata, kuma tana yi. Hanyar da Todd da Coxeter suka fito da ita a 1936 tana cika tebur na mambobi tana haɗe waɗanda sharuɗɗa suka nuna ɗaya ne, kuma manhajar GAP tana da ita. Idan rukunin yana da iyaka, in dai akwai isasshen lokaci da wurin ajiya, za ta kammala ta faɗi girmansa. Matsalar ita ce idan tana ta aiki ba ta tsaya ba, ba ka san ko rukunin marar iyaka ne ko kuwa saura kaɗan ba. Kuma wannan ba raunin hanyar ba ne kawai. Max Dehn ya yi tambaya a 1911 ko akwai tsayayyar hanya ta gane kalmar da take daidai da 1. Pyotr Novikov a 1955, sannan William Boone, suka nuna akwai bayanai masu haruffa da sharuɗɗa ƙididdigaggu da babu irin wannan hanya gare su. Adian da Rabin kuma suka nuna ko tambayar "shin rukunin nan ya rushe ne?" ba ta da hanya guda mai amsa ta ga kowane bayani.

Ga na gida. Ku ɗauki ⟨ a, b | a² = 1, b³ = 1, (ab)ⁿ = 1 ⟩. Idan n 2 ce mambobi 6 ne, idan 3 ce 12, idan 4 ce 24, idan 5 ce 60, daga 6 kuwa ba iyaka. Ku yi mini n = 3 da hannu. Daɓen yana cikin sauye-sauyen abubuwa huɗu: ku gwada a = (12)(34) da b = (123), ku tabbatar ab tana dawowa 1 a ninki na uku. Rufin shi ne inda za ku sha aiki, kuma zan fi duba shi. Ku fara da jera kalmomi kuna ɗaukar waɗanda suka bambanta da b, b² ko 1 a ƙarshe a matsayin gungu ɗaya, ku nuna gungun ba su wuce huɗu ba.