Gyaran Saƙon Neman Aiki Mai Cika Baki ko Mai Magiya

A ce wani yana neman aikin kula da sito, sai ya rubuta: "Ni ƙwararre ne da babu kamarsa, idan kuka ɗauke ni ba za ku yi da-na-sani ba." Wani kuma ya rubuta: "Don Allah ku taimaka mini, na daɗe ba ni da aiki, kowane iri kuka ba ni zan yi." Sun sha bamban a lafazi, amma aibinsu ɗaya ne, domin babu wanda ya gaya wa mai ɗaukar ma'aikata abin da zai iya yi masa a siton.

Mu fara da mai cika baki. Kalmomi irin su "ƙwararre" da "haziƙi" hukunci ne da mutum ya yanke wa kansa, kuma mai karatu ba shi da hanyar tabbatar da su, don haka a goge su a sa aikin da aka yi a madadinsu. Idan sanarwar aikin ta nemi wanda ya iya ƙidayar kaya da amfani da Excel, sai ya rubuta: "Na yi shekara 3 ina kula da sito, ina shigar da kayan da suka shigo da waɗanda suka fita a Excel, ina kuma ƙidaya su a ƙarshen kowane wata." Ma'aunin shi ne, da za a kira tsohon shugabansa, zai yarda da wannan jimla? Idan zai yarda, a bar ta ko da ta yi kama da yabon kai. Sai dai idan aikin na haɗin gwiwa ne, ya faɗi ɓangaren da shi ya riƙe, domin a nan ake yawan kama mutane ranar ganawa.

Mai magiya kuwa, a ganina jimlar da ta fi cutar da shi ita ce "kowane iri zan yi", saboda tana nuna bai san abin da ya iya ba, kuma tana raunana shi idan aka zo maganar albashi. Ya ambaci muƙamin da sunansa tun a layin farko, ya cire labarin halin da yake ciki, ya rage "don Allah" da ban haƙuri, amma ya bar gaisuwa da godiya. Idan akwai tsawon lokacin da bai yi aiki ba, ya bar bayaninsa zuwa ganawa.

Dukansu biyun za su iya rufe saƙon da jimla iri ɗaya: "Na haɗo da takarduna, kuma a shirye nake in zo ganawa a lokacin da ya dace da ku. Na gode."