Dokar da Ke Wayarka, Tana Aiki Kuwa Har Yanzu?

A ce kana da shago a Kantin Kwari, kasuwa ta buɗe, kana son ka yi wa kamfaninka rajista kai kaɗai. Sai wani aboki ya ce ba zai yiwu ba, dole sai mutum biyu. Har ya turo maka dokar a WhatsApp, fayil ɗin PDF mai ɗaruruwan shafuka, ya ce duba sashe na 18. Ka duba, ka ga haka ɗin ne, mutum biyu ko fiye.

Abokinka bai yi ƙarya ba, takardar ma ba ta jabu ba ce. Matatta ce kawai. Bari mu ga yadda za ka gane hakan da kanka.

Fara da shafin farko. Ga abin da ke sama a wannan kwafin: Companies and Allied Matters Act, Cap. C20, LFN 2004. Waɗannan haruffa uku, LFN, suna nufin kundin da aka tattara dokokin tarayya a cikinsa. Kundin 2004 ya ƙunshi dokokin da ke aiki zuwa ƙarshen Disamba 2002. Kenan kamar hoto ne da aka ɗauka a wancan lokacin, duk abin da ya canza bayan nan ba zai fito a ciki ba. Ganin LFN 2004 ba ya nufin doka ta mutu, da yawa daga cikinsu suna aiki har gobe. Amma yana nufin akwai fiye da shekara ashirin da kwafin bai san da su ba.

Ita wannan dokar kamfanoni, asalinta ta mulkin soja ce, ta 1990. Ranar 7 ga Agusta 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu a kan sabuwa, wadda ake kira CAMA 2020, mai sassa 870.

A ina za ka samo ta? Hanya mafi sauƙi ita ce shafin hukumar da ke aiwatar da dokar. A nan Hukumar Rajistar Kamfanoni ce, CAC, a cac.gov.ng. Ka lura da ƙarshen adireshin, wato gov.ng, shi ne na hukumomin gwamnatin Najeriya. In ba ka son yawo cikin shafin, rubuta wannan a Google:

```
site:cac.gov.ng CAMA 2020
```

Zai kawo maka abin da ke shafin hukumar kaɗai.

To, ka sauko da fayil. Abin da kake fatan gani a bangonsa shi ne gazet, wato jaridar da gwamnati ke buga dokoki da sanarwarta a hukumance. Bangon gazet yana da kama ɗaya. Akwai tambarin Najeriya, a ƙarƙashinsa Federal Republic of Nigeria Official Gazette, sai layi guda mai lambar gazet, da gari da kwanan wata, da lambar kundi. A ƙasa za ka ga cewa maɗaba'ar gwamnatin tarayya ce ta buga. Kalli lambobin shafuka kuma. Idan doka ce ta Majalisar Tarayya, suna farawa da harafin A. Idan ƙa'idoji ne da minista ko wata hukuma ta fitar a ƙarƙashin doka, suna farawa da B. Kwafin da aka sake bugawa a kwamfuta, babu bango, babu waɗannan lambobi, yana iya zama daidai, amma ba ka da hanyar sanin ko mai bugawa ya tsallake layi.

Yanzu buɗe sashe na 18 a sabuwar. Ƙaramin sashe na biyu ya ce mutum ɗaya zai iya kafa kamfani mai zaman kansa, wato wanda ba ya sayar wa jama'a hannun jarinsa. Magana ta ƙare. Leƙa sashe na 27 ma. Tsohuwar doka ta ce mafi ƙarancin jarin irin wannan kamfani naira 10,000 ne, sabuwar ta ce naira 100,000. Lambar sashe ɗaya, magana daban, shi ya sa in mutum ya ce maka "sashe kaza ya ce", tambayar farko ita ce, na wace shekara?

Ga wata alama ga masu ƙungiyoyi da kwamitocin masallatai. In ka ga takarda tana cewa ana rajistar amintattun ƙungiya a ƙarƙashin Part C, da tsohuwar doka aka rubuta ta. Yanzu Part F ne. Rajistar sunan kasuwanci ma ta tashi daga Part B ta koma Part E.

Amma ina hujjar cewa tsohuwar ta mutu? Ba a cikinta za ka gani ba, doka ba ta sanar da mutuwar kanta. Sabuwar ce ke faɗa. Je can kusa da ƙarshe, nemi kalmar Repeal. A CAMA 2020 sashe na 869 ne ya soke ta. A wayarka, yi amfani da wurin bincike na cikin PDF ɗin, ka huta da jan shafuka.

Sai dai akwai sauran rina a kaba, kuma nan ne har masu ilimi ke zamewa. Gazet ɗin 2020 na gaske ne, amma shi ma hoton 2020 ne. A Fabrairu 2023 an sa hannu a kan wata doka, Business Facilitation Act, wadda ta yi wa dokoki da dama kwaskwarima, har da CAMA. Misali, sashe na 240 na CAMA 2020 ya ba kamfanoni masu zaman kansu kaɗai damar yin babban taronsu ta intanet. Gyaran ya buɗe wannan dama ga kowane kamfani. Gazet ɗin farko ba zai nuna maka wannan ba, domin ba a komawa a goge shi. Lura kuma, sunan dokar da ta yi gyaran ko kaɗan bai ambaci CAMA ba. Don haka neman sunan doka tare da kalmar Amendment bai wadatar ba. Ka duba sanarwar hukumar, ka duba jerin sababbin dokoki a shafin Majalisa, nass.gov.ng, daga shekarar dokar zuwa yau.

A shafin Majalisa kuma ka yi hattara da ƙudiri. Yana da sassa, yana da tambari, kamar doka sak. In kan takarda ya ce A Bill for an Act, ko ka ga lamba mai farawa da HB ko SB, to ƙudiri ne, na Majalisar Wakilai ko na Dattawa. Wataƙila an canza rabinsa kafin a zartar, wataƙila ma bai taɓa zama doka ba. Doka ta gaskiya, a ƙarshenta akwai shaidar Akawun Majalisar Tarayya, da jadawalin ranakun da kowace majalisa ta amince, da ranar da Shugaban Ƙasa ya sa hannu.

Akwai shafukan ƙungiyoyi da na ofisoshin lauyoyi da ke ajiye dokoki, wasunsu sun fi na gwamnati tsari da saurin buɗewa. A ganina ka yi karatu da su, amma in kuɗi ko shari'a sun shigo, koma gazet. In takaddama ce a kan ainihin kalmomin da Majalisa ta zartar, lauyanka zai nemi kwafin da Akawun Majalisa ya tabbatar da sa hannunsa.

Duk wannan na dokokin tarayya ne. Dokar haya ko ta harajin jiha, ta Kano ce ko ta Katsina, ba za ka same ta a gazet ɗin tarayya ba. Kowace jiha da nata gazet, kuma ba duka ke intanet ba, sau da yawa sai ka taka zuwa Ma'aikatar Shari'a ta jihar ko maɗaba'ar gwamnati ka tambaya da sunan dokar da shekararta.