Malama ta ce sharhina bai yi zurfi ba: yadda na gyara sashen tattaunawa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau muna zaune ne a gaban kwamfuta, domin aikin da na miƙa a nan Birtaniya ya dawo da maki da bayanin malama. Bari in juyo da kyamara ku gani. Ga sashen tattaunawa, wato inda ɗalibi ke auna hujjoji ya faɗi matsayarsa, kuma ga abin da ta rubuta a gefe, a taƙaice: bayani ya yi yawa, tana son ta ga na auna hujjojin da kaina. Duk wanda ke digiri na biyu a ƙasar nan ya san wannan jimla. A yawancin jami'o'i 50 ne makin cin jarrabawa, 60 mataki na gaba, 70 kuma daraja mafi girma, kuma sau da yawa wannan aunawar ce ke raba mai 58 da mai 68.

Da yawa daga cikinmu in sun ga irin wannan bayani sai su ɗauka ana so ne su nemo laifin masana su yi ta suka. Ba haka ba ne. Abin da mai duba aiki ke tambaya shi ne: a cikin binciken da ka jero, wanne ya fi nauyi, me ya sa, kuma iya ina maganarsa ta tsaya? Kamar alƙali ne da shaidu uku a gabansa. Maimaita abin da kowa ya faɗa bai zama hukunci ba, sai ya faɗi wanda ya gaskata da dalilinsa.

Aikina a kan haƙurin yara ne da nasararsu a makaranta, don haka dole na taɓo gwajin alewa na Walter Mischel, wanda aka fara a makarantar renon yara ta Jami'ar Stanford a ƙarshen shekarun 1960. Ana ajiye wa yaro alewa ɗaya, a ce masa in ya jira har babba ya dawo zai samu biyu. Ga yadda sakin layina yake tun farko, bari in karanta muku:

"Shoda, Mischel da Peake (1990) sun gano cewa yaran da suka fi jira sun fi samun maki da suka girma. Watts da abokan aikinsa (2018) sun gano cewa alaƙar ba ta da ƙarfi sosai. Kidd da abokan aikinta (2013) sun gano cewa yarda da babba tana tasiri a kan jira."

Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Amma ku lura, kowace jimla da sunan wani ta fara, kuma kowace "sun gano" take cewa. Biyu daga cikinsu ma sun saɓa wa juna, an bar su kafaɗa da kafaɗa ba a ce komai ba. A daidai nan malama ta ja layi.

To, sai na koma kan takardun, na tsallake taƙaitawar farko na shiga sashen da ke bayanin yadda aka yi binciken, domin a can amsar take. Su wane ne yaran? A binciken 1990 ba su kai 200 ba, kuma yawancinsu 'ya'yan malamai da ɗaliban Stanford ne, wato gidajen ilimi da rufin asiri. A na 2018 yara sun haura 900, daga gidaje iri-iri, an kuma fi mai da hankali kan waɗanda iyayensu mata ba su kammala jami'a ba. Alaƙar da suka samu tsakanin jira da ƙoƙarin yaro a shekara 15 rabin ta binciken farko ce kawai. Da suka sa yanayin gida da basirar yaro tun yana ƙarami a cikin lissafi, sai ta sake raguwa da kusan kashi biyu cikin uku.

Yanzu kun ga akwai abin faɗa. Saɓanin yana da dalili: mai yiwuwa gidan da yaro ya tashi shi ke haifar da abubuwan biyu, jiran da kuma makin. A nan ne binciken Kidd ya samu gurbinsa. A Jami'ar Rochester, babba ya yi wa wasu yara alkawari ya cika, wasu kuma ya saɓa musu, sannan aka kawo alewa. Waɗanda aka cika wa alkawari sun jira kusan minti 12, sauran kuwa kusan minti 3. Ke nan jira ba halin yaro kaɗai yake nunawa ba, yana nuna ko ya saba ganin manya na cika magana. Sai dai yara 28 ne kacal, kuma ba a bi su har girma ba, don haka binciken ya nuna hanyar da abin zai iya faruwa ne, bai tabbatar da komai game da makin makaranta ba.

Wurin da na fi daɗewa shi ne binciken 2018, saboda shi ne ya fi dacewa da ra'ayina, kuma wanda ka yarda da shi ne ya fi wuyar tuhuma. Yana da nasa rauni. An tsayar da jiran a minti 7, yara da yawa sun kai ƙarshe, don haka ba a iya bambance wanda zai iya minti 8 da wanda zai iya 20. Na biyu kuma, idan haƙuri da basira tare suke girma a jikin yaro, cire basira daga lissafi zai iya cire wani yanki na haƙurin da ake son aunawa. Wannan bai rushe binciken ba, amma ya hana ni rubuta cewa an ƙaryata Mischel.

Ga sabon sakin layin:

"Hujjar da ke akwai ta nuna cewa jira yana da alaƙa da nasarar makaranta, amma alaƙar ƙarama ce, kuma babban kasonta daga yanayin gida da basirar yaro tun yana ƙarami yake fitowa. Na fi dogara da Watts da abokan aikinsa (2018) saboda yawan yaran da bambancin gidajensu, abin da binciken 1990 ya rasa. Duk da haka, tsayar da jira a minti 7 zai iya sa alaƙar ta fito ƙasa da yadda take. Saboda haka ba za a ɗora shirin koyar da haƙuri a makarantu a kan wannan gwaji kaɗai ba."

Kun ji bambancin? Matsayata ce ta buɗe sakin layin, masanan suka zo a matsayin shaidu, jimlar ƙarshe kuma ta koma kan tambayar aikin.

Akwai gyaran da ba ya ƙara maki, ku kiyaye shi: liƙa "amma mutanen da aka gwada ba su da yawa" a bayan kowane bincike. Masu duba aiki sun gane wannan tun daga nesa. Rauni ba ya zama sharhi sai ka faɗi abin da ya hana ka kammalawa. Idan ka ambaci rauni amma matsayarka ba ta motsa ko kaɗan ba, share shi.

Don in ga inda aiki ya rage, na shafa wa jimlolin da ke ba da labarin abin da wani ya yi launin rawaya, waɗanda nake aunawa ko kwatantawa kuma kore. Ku dubi shafin nan na gaba, kusan duk rawaya ne. Tunda akwai iyakar yawan kalmomi, ba zan iya ƙara kore ba sai na rage rawaya, don haka bayanin yadda ake gwajin alewa, wanda na riga na yi a babin bitar bincike, zan cire shi daga nan gaba ɗaya. Gurbin da ya bari zan cike shi da kwatanta wasu bincike biyu da ke ƙasan shafin, waɗanda su ma suka saɓa wa juna.