Faranti nawa za ka sayar kafin ribar da kake so ta rage a hannunka bayan haraji?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka daga nan Manchester. Ga takarda, ga biro, ga kalkuleta a gabana, kowa ya ɗauko nasa mu yi lissafin tare. Tambayar yau ita ce wadda duk mai ƙaramin kamfani a ƙasar nan ya kamata ya amsa tun kafin shekara ta fara: idan ina son kuɗi kaza su rage mini bayan hukumar haraji ta HMRC ta karɓi nata, cinikin nawa zan yi?

Mu ɗauki misalin shagon abinci mai rajistar kamfani, yana sayar da shinkafa dafa-duka da tsire. Alƙaluman shagon na misali ne, ni na tsara su don lissafin ya fito fili, amma ƙa'idojin harajin na gaske ne. Tun daga Afrilun 2023, kamfanin da ribarsa ba ta wuce fam 50,000 a shekara ba yana biyan kashi 19 cikin ɗari, wanda ya haura fam 250,000 kuma yana biyan kashi 25. Akwai tsarin da ya shafi masu tsakiya, za mu zo kansa.

Da farko sai a raba kuɗin da shago ke kashewa gida biyu. Akwai tsayayyun kuɗi, waɗanda ko an sayar ko ba a sayar ba sai an biya su. Hayar shago fam 18,000 a shekara. Albashi, har da na mai shagon da ke tsaye a bakin wuta, fam 34,000. Inshora, wuta da gas, kuɗin akanta da sauran ƙananan abubuwa, fam 10,000. Jimla fam 62,000. Ku lura na sa albashin mai shago a ciki, kuma da gangan na yi. Wanda bai sa nasa ba, abin da yake kira riba ladan guminsa ne kawai.

Sai kuɗin da ke bin ciniki, wato wanda ba ya fita sai an zuba faranti. Nama fam 2.60, shinkafa da mai da yaji 0.80, roba da leda da cokali 0.40, abin da na'urar karɓar kati ke yanka 0.20. Fam 4 ke nan a kowane faranti. Farashin faranti kuwa fam 10 ne wanda yake na shago. Idan an cire 4 daga 10, saura fam 6. Wannan 6 ɗin zan riƙa kiransa rarar faranti, kuma shi ne ƙashin bayan lissafin duka. Ba riba ba ce tukuna. Shi za a yi ta tarawa har ya biya haya da albashi, sai abin da ya haura daga nan ya zama riba.

To, mai shagon nan yana son fam 32,400 su rage wa kamfani bayan haraji. Ba za a ɗauki wannan adadi a jefa shi cikin lissafi kai tsaye ba, domin ana yanke haraji ne a kan ribar da aka samu kafin a taɓa ta. Idan hukuma na ɗaukar 19 cikin kowane 100, abin da ke rage maka 81 ne. Saboda haka 32,400 ɗin nan kashi 81 ne na wani adadi mafi girma, kuma shi muke nema. Ga yadda ake rubuta shi:

```
riba kafin haraji = riba bayan haraji ÷ (1 − kason haraji)
yawan faranti = (tsayayyun kuɗi + riba kafin haraji) ÷ rarar faranti
```

Ku danna tare da ni. 32,400 a raba da 0.81, ya ba da 40,000 cif. A tara da tsayayyun kuɗi 62,000, ya zama 102,000. A raba da 6, faranti 17,000 ke nan a shekara, cinikin fam 170,000. Wanda yake sayar da kaya iri-iri har bai iya ƙirga su ɗaya-ɗaya, sai ya duba kashi nawa ne na cinikinsa yake rara. A nan 6 ne cikin 10, wato 0.6, kuma 102,000 a raba da 0.6 shi ma 170,000 yake bayarwa.

Kada a tsaya nan, a juya lissafin baya a gwada shi. Ciniki 170,000. A cire kuɗin faranti 17,000 a kan fam 4, wato 68,000, saura 102,000. A cire 62,000, saura 40,000. Kashi 19 na 40,000 fam 7,600 ne. A cire shi, ga 32,400 ɗinmu. Idan ka juya naka bai dawo da kai kan adadin da ka fara da shi ba, akwai inda ka kauce. Sannan ka sauko da shi zuwa rana, don mai aikin kicin bai san faranti 17,000 ba. Idan ana buɗewa kwana 300 a shekara, kusan faranti 57 ne kullum. Daga nan ne za ka san ko gasasshen naman da murhunka ke fitarwa da mutanen da ke wucewa ta layinka za su kai ka can.

Kuskuren da ya fi yawa, kuma har masu ilimi suna yinsa, shi ne a ce tunda haraji kashi 19 ne, bari a ɗora kashi 19 a kan ribar da ake so. Sai a ninka 32,400 da 1.19, a samu 38,556. A ido kamar daidai ne. Amma hukuma za ta yanki nata ne daga 38,556 ɗin gaba ɗaya, wato kusan fam 7,326, abin da zai rage kusan 31,230. An gaza da kusan fam 1,170, kuma burin ciniki ya gaza da faranti 240. Dalilin shi ne abin da ka ƙara don biyan haraji shi ma riba ce a wurin hukuma, shi ma ana yankarsa. Rabawa da 0.81 ita ce ke kula da wannan. Wanda kuwa ya manta da harajin ɗungurungum, zai sa wa kansa burin faranti 15,734, ya cim masa yana murna, ƙarshen shekara ya ga kusan fam 26,244 kacal suka rage.

Wani abu da ya kamata a riƙe: haraji bai taɓa inda ake mayar da uwar kuɗi ba. Fam 62,000 a raba da 6, faranti 10,334 ne, ko haraji kashi 19 ne ko 25. A wurin babu riba, saboda haka babu abin yanka. Harajin yana fara cizo ne daga farantin da ya biyo baya, inda kowane fam 6 yake komawa 4.86 a hannun kamfani.

Yanzu ga kuskuren da ya fi duk sauran illa, kuma ina roƙon masu shagon abinci su saurara da kyau. Na ce farashin faranti fam 10 ne na shago. A jikin allon farashi kuwa fam 12 aka rubuta. Abincin da ake sayarwa da zafinsa yana ɗauke da harajin VAT na kashi 20, kuma tun Afrilun 2024 duk wanda cinikinsa ya wuce fam 90,000 cikin wata goma sha biyu dole ya yi rajista. Shagonmu ya wuce wannan nesa. Fam 2 ɗin da ke kan kowane faranti amana ce kake riƙe wa hukuma, ba kuɗinka ba ne ko da suna kwance a asusunka. Wanda ya yi lissafi da 12 zai ga rararsa 8 ce, ya raba 102,000 da 8, ya samu faranti 12,750. In ya sayar da su, rarar gaskiya fam 76,500 ce, a cire 62,000, ribarsa kafin haraji 14,500, ba 40,000 ba. Alamar da za ka gane wannan tun da wuri ita ce asusun banki yana da kuɗi cikin wata, amma duk lokacin biyan VAT sai an nemo rance. Haka ma a ɓangaren kashewa, duk VAT ɗin da za a dawo maka da shi, kamar na robobi da leda, ka cire shi kafin ka rubuta kuɗin faranti.

Mu dawo kan masu tsakiya. Lissafin da muka yi ya dogara ne da cewa kason haraji ɗaya ne daga farko har ƙarshe, kuma a misalinmu haka ne, tunda 40,000 ba ta kai 50,000 ba. A ce mai shago ya ɗaga burinsa zuwa fam 48,600. In ya raba da 0.81 zai samu 60,000, kuma da ganin wannan amsa ya kamata ya tsaya, domin ta tsallake iyakar da kashi 19 ke aiki. Tsakanin 50,000 da 250,000, kowane ƙarin fam yana ɗaukar kashi 26.5, saboda rangwamen da ake yi wa ƙananan kamfanoni yana zaizayewa a hankali. Sai a yi lissafin hawa biyu. Fam 50,000 na farko suna barin 40,500. Saura 8,100 a cika buri, kuma shi za a raba da 0.735, ya ba da kusan 11,021. Ribar da ake bukata kafin haraji ta zama 61,021. A tara da 62,000 a raba da 6, faranti 20,504, alhali lissafin hawa ɗaya 20,334 zai ce. Kuma idan mutum yana da wani kamfanin a ƙarƙashin ikonsa, ana raba waɗannan iyakoki tsakanin kamfanonin, idan biyu ne iyakar fam 50,000 ta koma fam 25,000 ke nan ga kowanne.

A wannan mataki sai a sake duba tsayayyun kuɗin ma. Faranti 20,504 a kwana 300 ya haura 68 kullum, kuma mai yiwuwa hannuwan da ke fitar da 57 ba za su iya ba. Idan aka ɗauki ƙarin ma'aikaci na rabin lokaci a kan fam 9,000 a shekara, tsayayyun kuɗi sun koma 71,000, sai an ƙara faranti 1,500 don biyan shi kaɗai.

Sannan ribar da ke littafinka ba lallai ta zama ita hukuma za ta yi wa haraji ba. Tarar da aka ci kamfani da kuɗin liyafar da aka yi wa abokan ciniki ba a yarda a cire su ba, ana mayar da su cikin riba kafin a yanka. Sayen firji ko murhu kuwa yana da nasa rangwamen, wanda kan rage harajin shekarar da aka saya. Wannan sai a zauna da akanta a gyara adadin. Ana biyan harajin ƙaramin kamfani ne wata tara da kwana ɗaya bayan rufe shekarar lissafinsa, saboda haka fam 7,600 ɗin nan a riƙa ware shi tun cikin shekara, kusan fam 634 kowane wata, a asusu na daban. Kuma 32,400 ɗin da suka rage na kamfani ne tukuna. Ranar da mai shago ya fitar da su a matsayin rabon riba, akwai harajin da zai biya a kan kansa, kuma wanda yake son adadi kaza ya shiga aljihunsa sai ya fara yin irin wannan rabawar a kan harajin nasa, kafin ya zo kan na kamfani.