Yadda Za Ka Nemi Ragi a Wajen Dila a Saƙo Ɗaya

Duk wanda yake sarin kayan masarufi a Kasuwar Singa ta Kano ya san irin amsar da ake samu idan aka ce wa dila, "Alhaji, a yi min ragi mana." Zai ce, "Wallahi haka muka saro." Magana ta ƙare. Kuma sau da yawa ba ƙarya yake yi ba, don ribar da ke kan katan ɗin taliya ko buhun sukari ba ta da kauri. Abin da ke riƙe da dila shi ne kaya su fita da sauri, kuɗi su dawo ya sake lodi. To, saƙonka sai ya nuna masa cewa kai kana cikin masu fitar masa da kaya.

Mu ɗauki mai shago a Haɗeja, wanda duk wata yake ɗaukar katan 40 na taliya da buhu 10 na sukari a wajen dila ɗaya. Ga saƙon da zai tura ta WhatsApp:

"Assalamu alaikum Alhaji, barka da kasuwa, ya iyali? Kamar yadda ka sani, duk farkon wata ina ɗaukar taliya katan 40 da sukari buhu 10 a wajenka, kuma ina tura kuɗi kafin a yi lodi. Ina so in ci gaba da haka, in Allah ya yarda. Alfarmar da nake nema, a riƙa sauke min naira 200 a kan kowane katan, da naira 500 a kan kowane buhu, daga farashin ranar. In ya yiwu, sai mu fara daga lodin wata mai kamawa. Allah ya ƙara buɗi."

Ka lura, gaisuwar layi ɗaya ce. Ba a tsallake ta, amma ba a ja ta, domin mutumin yana karantawa ne 'yan dako na jiransa a bakin sito.

Sai adadi. Bai ce "ina ɗaukar kaya da yawa" ba, ya faɗi 40 da 10. Dila zai buga lissafi nan take: 200 sau 40, naira 8,000. Sai 500 sau 10, naira 5,000. Jimla naira 13,000 a wata. Yanzu ya san abin da zai bari, ya kuma san cinikin da yake samu a madadinsa. Waɗannan lambobin misali ne kawai, kai za ka auna naka da farashin da ake ciki.

Inda ya fi muhimmanci shi ne "daga farashin ranar". Da yawa a nan suke kuskure, sai su nemi a tsayar musu da farashi ɗaya har tsawon watanni. Dila mai hankali ba zai yarda ba, don kamfani na iya ƙara kuɗi a tsakiyar wata. Wanda ya yarda ma, ranar da kaya suka tashi zai ce maka sun ƙare. Kai ma in farashi ya faɗi, kai ne a ciki. Amma ragi a kan farashin ranar yana bin kasuwa, ta hau ko ta sauka.

Maganar biya kafin lodi kuwa, ita ce ƙarfinka. In kana karɓar kaya bashi sai ka sayar ka kawo, gaskiya kada ka nemi ragi, bashin shi ne alfarmar da aka yi maka. Kuma kada ka saka barazanar cewa wane ya fi shi sauƙi. Dilolin layi ɗaya sun san farashin juna.

In ya ce ba zai iya sauke ko kwabo ba, ka nemi ya ɗauke maka kuɗin dako da na kai kaya tasha. Wasu sun fi yarda da wannan, saboda farashinsu bai taɓu ba, balle labari ya bazu kowa ya zo nema.

In kuma ya amince, ranar lodi ka tambayi farashi a shago biyu ko uku kafin ka tura kuɗi. Idan naka bayan ragi ya zo daidai da na kowa, an ɗora ne kafin a sauke. Ka kuma duba kwanan watan da ke jikin katan, don wani ragin na kayan da suka kusa lalacewa ne. Sannan ka roƙe shi ya amsa a rubuce ko da murya, ka ajiye, domin ranar da Alhaji ba ya nan, yaron shagonsa ne zai rubuta maka rasit.