Darasi: Yadda ake warware tambayar kod da baki a gaban mai intabiyu

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu kallo. Barkanmu da sake haɗuwa daga nan Aboabo, cikin Kumasi. Ƙannena da dama da suka kammala karatun kwamfuta sun yi mini koke iri ɗaya, wato suna iya warware tambaya idan suna zaune su kaɗai a ɗaki, amma da zarar an sa su a gaban mai intabiyu sai baki ya mutu. Saboda haka yau tambaya guda kawai za mu ɗauka, mu bi ta daga farko har ƙarshe, ina faɗa muku abin da ya kamata a ji daga bakinku a kowane mataki.

Irin wannan zama yakan ɗauki kimanin minti 45, kuma mai intabiyu ba ya ganin abin da ke cikin kanka, abin da ka furta da abin da ka rubuta kaɗai yake iya aunawa. Idan ka yi shiru na minti goma, ba shi da hanyar sanin ko kana dab da amsa ne ko ka ɓace, kuma ba zai iya jefa maka 'yar manuniyar da za ta dawo da kai hanya ba.

Ga tambayar. An ba ka jerin farashin kaya, a ce na wani shago a kasuwar Kejetia, sannan an ba ka wani adadi na sidi, ana so ka nemo kaya biyu waɗanda farashinsu ya haɗu ya ba da wannan adadi daidai. Masu atisaye a LeetCode sun san ta da sunan Two Sum, ita ce ta ɗaya a jerin tambayoyin wurin. Jerinmu shi ne `[40, 15, 70, 25, 60]`, adadin kuma 85.

Kada ka taɓa madannai tukuna. Maimaita tambayar da kalmominka, sannan ka gwada misalin da hannu, domin a nan ne tambayoyi masu amfani suke fitowa. Duba da kyau: 15 da 70 sun ba da 85, haka ma 25 da 60. Sai ka ce masa: “Ranka ya daɗe, na ga amsa biyu a wannan misali, shin ta farko ta wadatar, ko duka ake so?” Ka tambaya kuma ko farashin za a mayar ko matsayinsu a cikin jeri, da abin da za a yi idan babu amsa sam. A ce ya amsa cewa ta farko ta isa, matsayi yake so, kuma idan babu a mayar da `None`.

Yanzu sai ka faɗi hanya mafi sauƙi, ko da ka san ba ita ce mafi kyau ba. Ka ce za a iya ɗaukar kowane farashi a gwada shi da duk waɗanda ke bayansa. Ga kaya biyar, gwaji goma ke nan. Amma yawan gwajin shi ne `n(n-1)/2`, wanda ke nufin idan kayan sun kai 100,000, gwajin zai kusan biliyan biyar, abin da ake rubutawa `O(n²)`. Wasu matasa suna jin kunyar ambaton wannan hanya, suna ganin ta yara ce. A ganina kuskure ne babba, domin faɗinta yana nuna ka fahimci tambayar, kuma idan lokaci ya ƙure kana da abin da za ka rubuta wanda ke aiki.

Daga nan ka tambayi kanka da ƙarfi, yadda zai ji: ina ne ake ɓata aiki? Idan ina riƙe da 70, ba na bukatar in leƙa kowane farashi, abu ɗaya nake nema, wato 85 a cire 70, saura 15. Tambayar ta koma “na taɓa ganin 15 a baya?” Mai shagon da ke rubuta masu bashi a littafi, kowane suna da shafinsa, ba ya karanta littafin duka kafin ya sami mutum. A Python, abin da ke yin wannan aiki shi ne `dict`, inda neman abu a matsakaicin hali ba ya ƙaruwa da yawan abin da aka ajiye. Kafin ka rubuta, ka ce: “Zan bi jerin sau ɗaya, ina ajiye kowane farashi da matsayinsa. Lokaci zai zama `O(n)`, amma zan biya da wurin ajiya, shi ma `O(n)`. In ci gaba?” Wannan 'yar tambaya ta ƙarshe tana da daraja, don idan wata hanya yake so, yanzu zai faɗa, ba sai ka ƙone minti goma sha biyar ba.

Ga abin da za ka rubuta, ku duba allo:

```python
def nemo_biyu(farashi, jimla):
    gani = {}
    for i, x in enumerate(farashi):
        saura = jimla - x
        if saura in gani:
            return gani[saura], i
        gani[x] = i
    return None
```

Yayin rubutu, ba karanta kod ake so ka yi ba, yana da idanu. Dalili ake so ka faɗa. Idan kuma kana bukatar shiru, ka nemi izini: “Ba ni minti ɗaya in daidaita wannan layi.”

Da ka gama, kada ka ce ka gama. Bi misalin layi bayan layi da bakinka. Farashin farko 40, saura 45, ba a gan shi ba, a ajiye 40. Na biyu 15, saura 70, babu, a ajiye. Na uku 70, saura 15, yana nan a matsayi na 1, don haka amsa ita ce `(1, 2)`, tunda ƙirga daga sifili ake farawa.

Sai gwajin da ke kama mutane. Canza adadin ya koma 80. Babu kaya biyu a jerin nan da suka ba da 80, saboda haka `None` ya kamata ya fito. Amma da ka ɗora layin `gani[x] = i` a sama da layin dubawa, sai 40 ya shiga littafi, a nemi saura 40, a same shi, a mayar da `(0, 0)`, kaya ɗaya an sayar da shi sau biyu. Alamar wannan kuskure ita ce matsayi biyun su fito iri ɗaya. Ni kaina na taɓa faɗawa wannan rami a wata intabiyu, kuma abin da ya cece ni shi ne ina bin misalin da ƙarfi, na ji kuskuren da kunnena, na gyara kafin a nuna mini. Gwada kuma `[40, 40]` da 80, wanda dole ya ba da `(0, 1)`, da jerin da babu komai a ciki.

Mai yiwuwa ya ce: to idan ba a yarda da ƙarin wurin ajiya ba fa? Amsa ita ce a jera farashin daga ƙarami zuwa babba, a sa yatsa ɗaya a farko ɗaya a ƙarshe, idan jimlar ta gaza a matsa na hagu gaba, idan ta zarce a ja na dama baya. Lokaci ya zama `O(n log n)`, kuma ka ambata da kanka cewa jerawar tana rikita matsayin asali, wanda shi aka ce a mayar.

Game da shiri, da Turanci za a yi zaman, alhali yawancinmu da Hausa muke lissafi a zuci, kuma wannan juyi yana cin lokaci idan ba a saba ba. Saboda haka a wannan mako ka ɗauki tambayar nan, ka saita agogo a minti 30, ka naɗi muryarka a waya kana warware ta da Turanci a shafin da ba ya cika maka kod, sannan ka saurara, ka ƙirga wuraren da ka yi shiru fiye da daƙiƙa talatin. Idan ta intanet za a yi intabiyun, ka cika batirin kwamfuta, ka tanadi data a waya, saboda kun san halin wutarmu. A darasi na gaba za mu ɗauki yanayin da aka ce duka amsoshin ake so. Sai mun haɗu, wassalamu alaikum.